Kundin aiki: kwas ɗin koyar da karatu a kan megabayit 2 a mako

13 Janairu 2025

Yau muka tsayar da dokar da za a ɗora komai a kanta: darasin mako guda kada ya wuce megabayit 2, wato rubutu da takardar bugawa da murya duk a haɗe. Kwas ɗin na malaman firamare ne masu riƙe da aji ɗaya zuwa uku, a kan yadda ake koya wa yaro karanta Hausa, daga baƙi da wasali zuwa gaɓa, kalma da jimla. Mako 12 zai ɗauka. Mu uku ne a aikin. Malama, wadda ta daɗe tana koyar da 'yan aji ɗaya, ita ke rubuta darussa. Akwai wani ɗan'uwa da ya taɓa aikin rediyo, murya a hannunsa take. Ni kuma tsari da harkar fayil.

Ga lissafin da ya kai mu ga megabayit 2. Inda sabis ya yi rauni har waya ta koma kan E, mun ɗauka malami zai riƙa samun kilobayit 5 a daƙiƙa, in an ci sa'a. Bidiyon minti biyar mai matsakaicin kyau yakan kai megabayit 26 ko kusa da haka. A wannan tafiyar sai ya yi kusan awa ɗaya da rabi yana sauka, kuma kafin nan sabis ya ɗauke ko caji ya ƙare. Murya ta minti uku da aka matse yadda ya kamata ba ta wuce kilobayit 720, ta sauka cikin minti biyu da rabi. Rubutu mai kalma 900 kuwa bai kai kilobayit 10 ba. In muka riƙe dokar nan, kwas ɗin gaba ɗayansa zai tsaya a megabayit 24, bai ma kai wancan bidiyo guda ba.

Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da littattafan darasi bugaggu da haɗuwar ƙarshen mako ta horar da malamai daga nesa. Abin da ya sauya shi ne yanzu waya za ta iya kai takardar, ba sai mota ba.

22 Janairu

Hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mai murya ya so mu bar ƙofar gajeren bidiyo ɗaya a wata, don a ga yadda Malama ke tsayuwa gaban allo. Da wannan labarin maganar ta mutu. Abin da ake son gani a allo za mu zana shi da layi baƙi a takarda.

Mun kuma yanke ma'anar "rubutu ne a gaba", domin kowa cikinmu da yadda ya fahimce ta. Ma'anarta a wurinmu: wanda bai samu sauke murya ko ɗaya ba, ya iya shiga aji ranar Litinin ya koyar da darasin daga rubutun kaɗai. Duk abin da aka faɗa a murya yana nan a rubuce. Murya ba ta ɗauke da wata sanarwa, ko tambayar jarrabawa, ko wani mataki da babu shi a takarda. Aikinta ɗaya, ta kai wa kunne abin da ido ba zai iya ɗauka daga shafi ba. Kuma irin wannan akwai shi a Hausa, tunda rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti: garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya.

3 Fabrairu

Mako na 3 muka zaɓa ya zama zakaran gwajin dafi, na k da ƙ, saboda shi ya fi taɓa duk inda muke tsoro: ƙugiya a allon waya, ƙugiya a firinta, da sautin da matse murya zai iya ɓatawa. In ya tsira, sauran za su tsira.

Malama ta kawo rubutun farko mai kalma sama da dubu biyu, da dogon sharhi kan inda harshe ke taɓawa a ganɗa. Sharhin daidai ne, amma ba shi malami ke nema da daddare yana shirin gobe ba. Yaron da Hausa ce harshen gidansu ya riga ya san bambancin baki da baƙi, da na kafa da ƙafa, tun bai shiga makaranta ba. Abin da bai sani ba shi ne wane zane ne na wane sauti. Don haka muka zauna muka sassaƙe darasin ya koma sassa huɗu, kuma haka kowane mako zai kasance.

Sashe na farko jimla biyu ne kacal: abin da yaro zai iya ranar Juma'a wanda bai iya ba ranar Litinin. A nan, ya karanta ka, ki, ku, ke, ko da ƙa, ƙi, ƙu, ƙe, ƙo a gauraye, kuma in an yi masa shifta ya sa ƙugiya inda take. Sashe na biyu shi ne tafiyar darasin a aji, da maganar da malami zai faɗa a rubuce kalma bayan kalma: ya rubuta k ya furta, yara su furta tare da shi, sannan su furta su kaɗai yana nunawa da sanda bakinsa a rufe. Malama ta dage a kan wannan mataki na ƙarshe. Ta ce yawancin ajin da ake jin yara suna rera karatu da ƙarfi, bakin malami suke bi, ba allo ba, kuma hanyar gane haka ita ce a nuna gaɓoɓin ba a jere ba. In an tsallaka daga ƙu zuwa ke aji ya yi tsit, to hadda aka yi. Sashe na uku kurakuran da za a gani ne da maganinsu. Na huɗu aikin da malami zai maido mana.

Jimlolin shifta guda biyu muka bari: "Kaka ta kai ƙosai kasuwa" da "Ƙanena ya ƙi kunu." Ta biyun don babban Ƙ ne, wanda yara da yawa ba su taɓa ganin an rubuta shi a allo ba.

Darasin ya sauko kalma 900 da 'yan kai. Kowane sakin layi bai wuce jimla uku ko huɗu ba, domin a allon waya abin da ya fi haka bango ne. Babu jadawali mai ginshiƙai da yawa, saboda yana tsinkewa a ƙaramin allo.

10 Fabrairu

Inda za a ajiye darussan. Na gwada Moodle, manhajar gudanar da kwas ta intanet, kuma yana da abin da muke so: rajista, maki, da manhajar waya mai ajiye darasi a karanta ba tare da data ba. Sai dai shiga da burauza na jawo kayan adon shafi da suka ninka rubutunmu nauyi sau da yawa, ga kalmar sirri da za a riƙa mantawa, manhajar kuma sai an nema mata wuri a wayar da hotunan biki suka riga suka cika. Ga malamai arba'in da za mu fara da su, bai biya wahalarsa ba. In muka kai ɗaruruwa, ko wata kwaleji ta nemi a ba ta maki a tsare, za mu dawo kansa.

Abin da muka tsayar: shafukan HTML zalla, babu hoto, babu font da za a sauke, kowanne ƙasa da kilobayit 30. Wannan shi ne rumbun ajiya. Isarwa kuma ta WhatsApp, tunda shi ne a hannun mutane. Rumbun dole ne, domin wanda ya shiga zaure a mako na huɗu ba zai ga abin da aka tura kafin zuwansa ba, wanda wayarsa ta lalace ma haka.

Kowane darasi fayil ɗaya ne na Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari, daga shi manhajar pandoc ke fitar da shafin waya da takardar bugawa. In an gyara kalma, wuri ɗaya aka gyara:

```
pandoc d03.md -s -o d03.html
pandoc d03.md --pdf-engine=xelatex -V mainfont="Andika" -V papersize=a5 -o d03.pdf
```

17 Fabrairu

Takardar bugawa ta ci mako guda cur, kuma ta cancanta, domin ita za ta shiga aji. Waya takan zauna a aljihu, ko a shagon caji, ko a hannun maigida.

Na kai mako na 3 wani shagon kwamfuta da ke kusa da tasha, iri biyu, don in ga yadda zai fito a hannun wanda bai san aikinmu ba. Fayil ɗin Word ya fito da ƙ da ɗ da ɓ a wani salon rubutu daban da sauran baƙaƙen, sun yi tsalle sama da layi, a kanun darasi ma akwati ne ya fito a gurbin Ƙ. Dalili shi ne kwamfutar shagon ba ta da font ɗinmu, sai ta ari wani. A darasin da kansa kan ƙugiya yake, wannan ya rusa komai. PDF ɗin kuwa ya fito lafiya, saboda font ɗin na cikin cikinsa. Daga yau babu fayil ɗin Word da zai fita daga hannunmu, kuma kafin a saki kowane PDF sai an duba shi:

```
pdffonts d03.pdf
```

A ƙarƙashin `emb` kowane layi ya nuna `yes`. In an ga `no` ko ɗaya, ba a tura shi.

Font ɗin Andika muka zaɓa, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta tsara don masu koyon karatu. Yana da baƙaƙe masu ƙugiya duka, kuma a ɗinsa irin wanda ake rubutawa da alli ne, mai ciki ɗaya, ba mai rumfa a ka irin na jarida ba. Ga ɗan aji ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne: in a na kati ya bambanta da a na allo, baƙi biyu yake gani.

Sai tsarin shafi. Takarda A4 biyu, gaba da baya, a naɗe su tsakiya, sun ba da ɗan littafi mai shafi 8. Shafuka sai sun zama huɗu-huɗu, in darasi ya kai tara to an jawo takarda ta uku da shafi uku fanko, kuma malami ne zai biya. Jeren shafukan mu za mu yi shi, ba mai shago ba. Takarda ta farko tana ɗauke da 8 da 1 a gaba, 2 da 7 a baya. Ta biyu 6 da 3 a gaba, 4 da 5 a baya. A saman fayil ɗin mun rubuta wa mai bugawa layi ɗaya, cewa ya juya takardar ta gajeren gefe, in ba haka ba bayan zai fito a kife.

Gwajin da ya fi koya mana abu shi ne na fotokwafi. Ba kowa zai buga daga fayil ba. Mutum ɗaya zai buga a gari, abokan aikinsa su kwafa daga tasa, wasu su kwafa daga kwafin. Na sa aka yi haka hawa uku. Akwatunan da aka yi wa inuwa mai toka-toka sun dame sun zama baƙi, rubutun cikinsu ya nutse. Ƙananan rubutun ƙasan shafi kuma ƙugiyarsu ta narke, ƙ ta koma k. Saboda haka inuwa ta fita, layi baƙi ya maye gurbinta, rubutu bai sauka ƙasa da girman 12 ba ko'ina, gefen shafi kuma an bar masa fili don injin da ke cin baki. Shafi na 4 da na 5, da yake su ne tsakiya a takarda guda, nan muka sa katunan gaɓoɓi manya, ba a raba su da naɗi ba. Fayil ɗin ya tsaya a kilobayit 200 da ɗoriya.

3 Maris

Azumi ya kama. Ɗaukar murya ta koma bayan asham, lokacin da maƙogwaro ya jiƙe, amma kuma lokacin ne janaretocin unguwa ke tashi. Ɗakin da ya fi dacewa shi ne na tsakiyar gida mai katifa da labule, ba falo mai tayil ba, inda murya ke dawowa. Waya muke ɗauka da ita, tazarar taƙi ɗaya daga baki, an ɗan karkatar da ita gefe don kada iskar f ta bugi makirfo. Fanka a kashe.

Murya biyu ce a mako, kowace minti uku. Ta farko a mako na 3 furuci ne. Babbar matsalar da Malama ta sani a wurin malamai ita ce kiran baƙi da sunansa na Turanci: a nuna k a ce "ke", a nuna b a ce "bi". Yaron da aka koya wa haka, in ya ga ka sai ya haɗa "ke" da "a", ya rasa inda za shi. Wannan ko shafi goma aka rubuta a kai bai kai a ji shi sau ɗaya ba. Don haka muryar tana furta sautin, ta bar shiru na daƙiƙa uku don mai sauraro ya maimaita, sannan ta wuce. Shirun da gangan ne, na kuma roƙi mai murya kada ya yanke shi wajen gyara, domin hannun ɗan rediyo ba ya ƙaunar shiru.

Ta biyu gwajin karatun minti ɗaya ce: yaro na karantawa, malami na bin takarda yana yi wa kalmar da aka kuskure alama, a ƙarshe ya ƙirga daidai nawa. Ba mu ɗauki muryar yaro ba. Fayil ɗin zai yi yawo inda ba mu sani ba, kuma ba ma son ɗan wani ya zama abin misalin kuskure a wayoyin gari. Malama ce ta karanta da irin tuntuɓen da yara ke yi, har da inda yaro ke kuskurewa ya gyara da kansa, wanda daidai ake ƙirga masa.

12 Maris

Matse murya. Iri uku muka gwada a kan fayil guda, muka saurara a lasifikar ƙaramar waya mai madannai, ba da abin kunne mai tsada ba.

AMR, wanda ƙananan wayoyi ke ɗaukar murya da shi, ya fi kowanne sauƙi, amma yana yanke sautin sama kamar kiran waya. A nan ne s da sh da ts suke zaune. Sai "sawo" da "tsawo" suka kusa zama abu ɗaya. A wa'azi ko labari ma'anar jimla za ta cike giɓin, amma mu gaɓa ɗaya tilo muke furtawa, babu abin da zai cike. Ya fita.

Opus, irin wanda saƙon murya na WhatsApp ke amfani da shi, ya yi kyau ƙwarai ko a kilobit 16, inda minti uku ke zama kilobayit 360. Da kowa babbar waya gare shi, da shi za mu ɗauka. Amma ƙaramar wayar da muka gwada ba ta buɗe shi ba, kuma mun san fayilolin nan za su bi ta Bluetooth da memori zuwa irin waɗannan wayoyin da rediyo mai cin memori. MP3 kuwa babu inda ba ya buɗewa. Mun biya ninki biyu na nauyi don wannan:

```
ffmpeg -i d03a.wav -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5 -ac 1 -ar 22050 -c:a libmp3lame -b:a 32k d03a.mp3
```

Kilobit 32 a daƙiƙa kilobayit 4 ke nan, minti uku 720. `loudnorm` yana daidaita ƙarfin murya, don kada ta wannan mako ta yi ƙasa ta wancan ta fasa kunne. Wani abin lura: in aka tsananta tace hayaniya a manhajar gyaran murya ta Audacity, ɗan tsinkewar da ke bambanta ƙ da k yana dusashewa, muryar ta koma kamar daga cikin ruwa. Gara a jira janareta ya mutu a sake ɗauka.

Jimillar mako na 3: murya biyu kilobayit 1,440, takarda 200 da ɗoriya, shafi ƙasa da 30. Bai kai megabayit 1.7 ba.

Kowace murya tana buɗewa da faɗin sunan kwas, mako na nawa, da shafin takardar da za a buɗe. Fayil in ya bar hannunmu shi kaɗai yake tafiya, babu saƙon da ya rako shi. Sunayen fayil kuma babu ƙugiya babu tazara, d03a da d03b kawai, su jeru da kansu a memori.

7 Afrilu

An sha Sallah. Wannan makon na hanyar dawowar aiki ne, daga malami zuwa gare mu, kuma ya fi na turawa wuya, domin ɗora fayil a raunin sabis ya fi sauke shi jinkiri.

Tambayoyin mako guda biyar ne na zaɓi, amsarsu layi ɗaya: lambar mako, sai baƙaƙe biyar, kamar "3 BACAB". Wannan zai bi ta WhatsApp ko SMS, duk wanda ya samu. Sai saƙon murya na daƙiƙa 30, malami na furta gaɓoɓin makon. Mutum arba'in minti 20 ke nan na sauraro, Malama za ta iya a zama ɗaya. In aka bar shi ba iyaka, gaisuwa kaɗai za ta cinye minti guda, ga shi ba a cewa malami kada ya yi gaisuwa. Sai muka rubuta a takarda cewa sallama ta wadatar, mun yafe sauran.

SMS na tunatarwa yana da tarko. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160 in duk baƙaƙen na cikin jerin da tsarin GSM ya sani. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ɗaya ta shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, sai a caje kuɗin saƙo biyu ko uku, wasu ƙananan wayoyin kuma akwati za su nuna. Har alamar hamza mai lanƙwasa, wadda kwamfuta ke sauyawa da kanta a kalma irin 'ya'ya, tana jawo haka, miƙaƙƙiyar ce ba ta jawowa. Hanya mai sauƙi ita ce a zubar da ƙugiyar kamar yadda kowa ke yi a waya. Malama ta ce ba da ita ba: ba za mu kwana muna cewa a sa ƙugiya ba, mu wayi gari muna tura "karshe" da "dalibi". Mafita ita ce a rubuta saƙon da kalmomin da ba su da ƙugiya tun asali. Na mako na 3: "Darasi na 3 ya fito. A saurari murya kafin Laraba, a turo amsa ranar Alhamis." Yana ɗaukar ɗan tunani, amma yana yiwuwa.

21 Afrilu

Gwaji da malamai shida daga makarantu biyu, ɗaya a bakin titi, ɗaya a ciki inda sai an fita bayan gari ake samun sabis. Ba mu yi musu bayani ba, mun tura mako na 3 yadda za a tura wa kowa.

Rubutun ya isa ga kowa a ranar. Murya ta farko ma haka. Ta biyun ce wasu ba su buɗe ba, ba don nauyi ba, sai don babu abin da ya ce musu ga lokacin jin ta. Yanzu a cikin darasin, daidai wurin, akwai layi: "Tsaya nan, saurari d03b, sannan ka ci gaba." Haka a takarda.

Hedimastan makarantar ciki, dattijo ne, ya kira ni da kansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina fata ba mu cika ku da kaya ba." Ya ce kayan ba su da yawa, amma zauren ne ke cinye musu data: an fara turo bidiyon barka da Juma'a da hotuna, wayoyi kuma na sauke su da kansu. Lissafinmu na megabayit 2 bai hango wannan ba, ga shi bidiyon gaisuwa ɗaya ya fi darasin wata. Gyara biyu: zauren darasi a kulle, masu kula kaɗai ke turawa, na tattaunawa daban kuma shigarsa ganin dama ce. Sannan shafin farko na mako na 1 zai nuna yadda ake kashe saukar hoto da bidiyo ta kai tsaye.

Wata malama kuma ta ce wayar maigidanta take amfani da ita, sai dare take samunta, kuma ba ta son lambar ta bayyana a zauren da maza suke. Ga irinta za mu yi amfani da jerin aikawa na WhatsApp, inda saƙo ke zuwa wa kowa shi kaɗai. Sharaɗinsa sai ta ajiye lambarmu a wayar, in ba haka ba ba zai shiga ba, don haka wannan ya shiga takardar rajista. Saboda ita ma muka ɗage wa'adin amsa daga Alhamis zuwa Asabar tun a tsari, kuma babu wani darasin kai tsaye da sai an hallara a sa'a ɗaya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa: a makarantar ciki mutum ɗaya ne ya sauke komai ranar kasuwa, ya raba wa sauran ta Xender, ya kuma bugo takarda ɗaya aka kwafa. Ashe ba malami arba'in muke aika wa ba, makarantu muke aika wa. Za mu nemi kowace makaranta ta ba da mutum ɗaya, mu riƙa haɗa masa darussan wata guda a fayil ɗin zip, kusan megabayit 7, ya sauke a inda sabis ke da ƙarfi.

5 Mayu

Mako na 1 zuwa na 5 sun kammala, rubutu da takarda da murya. Na 6 da na 7, masu ky, gy, ƙy da kw, gw, ƙw, an rubuta, saura ɗauka. Na 6 ya kai shafi tara, sai an rage ɗaya.

Wani malami daga wajen Maraɗi ya ji labari ya nemi shiga. Rubutun Nijar yana sa ƴ inda muke sa 'y, don haka makon da ya shafi wannan baƙin sai an fitar masa da kwafi na biyu. Andika na da ƴ, kuma tunda daga fayil ɗaya komai ke fita, aikin ba shi da yawa. Amma tsarin azuzuwansu da kalandarsu daban ne, mun ce ya bari a gama zagayen farko.

Ranar farawa ce ba mu daidaita ba. In aka fara yanzu, makonnin ƙarshe za su faɗa cikin shuka da noman farko, lokacin da malamin ƙauye daga aji gona yake wucewa, sannan ga dogon hutu, babu yaran da za a gwada darasi a kansu. Ni da Malama mun fi son a jira sabon zango a Satumba. Mai murya na ganin jira zai sanyaya waɗanda suka riga suka yi rajista, a ba su mako huɗu na farko yanzu. Za mu tambayi hedimastocin biyu ranar Asabar. Kafin nan, zan sake bin katunan mako na 4 ta fotokwafi hawa uku, domin ɗ da d sun fi ƙ da k saurin rikiɗewa in tawada ta yi ƙasa.